Sahihi, hasan da la'ifi: amsoshin wannan mako

"Malam, mai wa'azi a unguwarmu ya ce wani hadisi hasan ne, wani ɗalibi ya ce ashe bai inganta ba kenan. Ni kuma na san hasan kyakkyawa ne. Wanne ne daidai?"

Ɗalibin nan ya yi gaggawa, kai ma kuma fassarar ƙamus ka ɗauko. Hasan a Larabci kyakkyawa ne, gaskiya, amma a bakin malaman hadisi sunan daraja ne, ba yabon daɗin lafazi ba. Hadisi zai iya zuwa da magana mai ratsa zuciya ya zama ƙarya aka kitsa.

Abin da suke aunawa hanyar da maganar ta bi ta iso mana ne, wato isnadi. Kafin a ce sahihi sai abu 5 sun cika. Kowane mai ruwaya ya karɓa daga na samansa kai tsaye ba giɓi, kowannensu adali ne ba a san shi da ƙarya ko fasiƙanci ba, kowannensu mai kiyayewa ne ko da ka ko a rubuce, ruwayar ba ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi ƙarfi ba, sannan babu wata ɓoyayyar illa. To hasan duk ya cika waɗannan, abu ɗaya ne kawai ya ɗan sassauta, kiyayewar wani daga cikin masu ruwayar ba ta kai ƙololuwa ba. Haka Ibn Hajar, wanda ya rasu a 852 bayan hijira, ya bambance su a littafinsa Nukhbatul Fikar. Kuma ana kafa hujja da hasan a hukunci kamar yadda ake yi da sahihi, sai in sun ci karo ne ake fifita sahihin.

Bari in ba ka misalin da Ibn Salah ya kawo, hadisin asawaki, wanda ma'anarsa ita ce ba don kada in tsananta wa al'ummata ba da na umarce su da yin asawaki a kowace salla. Tirmizi ya ruwaito shi ta hanyar Muhammad bn Amr bn Alƙama, daga Abu Salama, daga Abu Huraira. Shi Muhammad bn Amr ɗin nan mutum ne da aka sani da gaskiya da kamun kai, ba wanda ya tuhume shi da ƙarya, amma haddarsa ba ta kai ta manya ba, har wasu suka soke shi ta nan. Kamar dattijon unguwa ne da kowa zai ba shi ajiya ya yi barci, amma in ya ba ka labarin taron jiya yana iya musanya kalma ɗaya ko biyu. Don haka ta hanyarsa kaɗai hadisin hasan ne. Sai aka duba aka ga Bukhari da Muslim sun kawo shi ta wata hanya daban, Abuz Zinad daga A'araj daga Abu Huraira, hanyar da ba ta bi ta kan Muhammad bn Amr ba sam. Tsoron da ake yi ko ya manta ko ya rikita sai ya kau, tunda ga wasu sun faɗi abin da ya faɗa, ruwayar tasa ta hau zuwa sahihi, irin wanda ake kira sahihi li gairihi, wato ya inganta albarkacin waninsa. Ka ga kenan hukuncin sau da yawa a kan hanya guda yake, shi ya sa za ka ji malami ɗaya ya ce hasan wani ya ce sahihi kuma ba wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Abin da ke ɗan ɓata min rai yadda muke watsa kalmar sahihi yanzu, sahihin zaɓe, sahihin labari, sahihin maganin basir. Ban hana ba, Hausa ta ara ta mallake. Amma sai kunne ya saba da cewa duk abin da ba sahihi ba jabu ne, mutum ya ɗauko wannan ma'aunin na kasuwa ya kawo shi kan hadisi, inda darajojin suka fi biyu.

"Da'ifi ake cewa ko la'ifi?"

Duka biyun. Harafin da kalmar ta fara da shi a Larabci tsofaffin malamanmu na zaure da lam suke fitar da shi, kuma shaidar tana bakinka kullum ba ka lura ba: alƙali, alwala, larura, farilla, lamiri, haila, lamuni, duk harafin ɗaya ne. 'Yan Islamiyya suka zo da da'ifi. Wanda zai yi wa tsoho dariya don ya ce la'ifi sai ya fara daina cewa alwala tukuna. Sai dai a kula, la'ifi a tsohuwar Hausa ana faɗarsa ga namijin da ba ya iya biya wa iyali buƙata, don haka a gaban jama'a ni na fi son a ce hadisi mai rauni.

"In an ce hadisi mai rauni ne, ƙarya aka yi wa Annabi (SAW) kenan?"

A'a. Mai rauni shi ne wanda ya rasa wani sharaɗi, ko isnadin ya yanke, ko akwai wanda ba a san ko wane ne ba, ko mai yawan kuskure. Ma'anarsa ba mu samu natsuwar jingina shi ga Annabi (SAW) ba, ba wai mun tabbatar bai faɗa ba. Raunin ma hawa-hawa ne. Na mai raunin hadda yana iya miƙewa in wata hanya irinta ta zo ta dafa masa, ya zama hasan li gairihi, amma na wanda ake tuhuma da ƙarya ko hanyoyi goma aka tara ba ya tashi. Dubi maganar nan ta a nemi ilimi ko da a birnin Sin, sananniyar hanyarta ta bi ta kan wani Abu Atika, wanda Bukhari ya ce hadisinsa munkari ne, wato abin ƙi da ba a karɓa, Ibn Hibban ya ce maganar ba ta da asali, Ibnul Jauzi ya saka ta cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai. Neman ilimi abu ne mai kyau, amma kyawun magana ba ya gyara isnadi.

Masu yarda a yi aiki da mai rauni a falalar ayyuka su ma sun sa sharaɗi, raunin kada ya yi tsanani, aikin ya zama yana da tushe a shari'a dama, kuma kada mai yi ya ƙudurce cewa lallai Annabi (SAW) ya faɗa. Wannan na ukun shi masu tura saƙo a waya suke tsallakewa. Malamai in za su kawo mai rauni cewa suke "an ruwaito", ba sa cewa "ya ce", kusan aikin da "wai" ke yi mana a Hausa, ka isar da magana ba ka ɗauki nauyinta ba.

"Maudu'i ba shi ne abin da ake tattaunawa a kai ba? Ya aka yi ya zama sunan hadisi?"

Kalma ɗaya ce, asalinta abin da aka ajiye. An ajiye batu a gaban mutane ya zama maudu'in zance, an ajiye magana a bakin Annabi (SAW) alhali bai faɗa ba ta zama hadisi maudu'i. Ka ce ƙagagge ka huta.

"Me Tirmizi yake nufi da hasanun sahihun?"

Yakan haɗa wa hadisi ɗaya darajojin biyu, amma shi bai fayyace ba, ya rasu a 279 ya bar malamai da bayani. Ibn Hajar ya ce in hanyoyin biyu ne ko fiye, ɗaya hasan ce ɗaya sahihiya. In kuma hanya ɗaya ce tak, to an yi saɓani ne kan wani mai ruwaya, wasu na ganin ya kai sahihi wasu na ganin iyakarsa hasan.