Ƙurar hunturu da hayaƙi: me ke shiga huhu?

Hajiya ta tambaya: "Ina suyar ƙosai da gawayi a bakin titi a unguwar Nima, Accra. Ana kaɗa iskar hunturu nake fara tari, jikata da ke zama gefena kuma ƙirjinta na ƙara. Ƙura ce, ko sanyi?"

Hajiya, na fi zargin hayaƙin da ƙurar fiye da sanyi, musamman ƙurar da ido ba ya gani. Ƙura mai kauri gashin hanci da majina suke tare ta. Amma akwai ƙananan ƙwayoyi da ba su wuce maikiromita 2.5 ba, sun fi silin gashin kai siranta kusan sau 30. Waɗannan suna wucewa har ƙarshen huhu, cikin 'yan jakunkunan da iska ke shiga jini, su kumbura wurin. Mafi ƙanƙantarsu har cikin jinin suke ratsawa, shi ya sa masu hawan jini da ciwon zuciya ke shan wahala, haka tsofaffi da masu ciki.

Yarinyar ce abin damuwa. Yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa bai gama ginuwa ba, ga shi tsayinsa daidai bakin salansar motar haya ta torotoro. Mahaifiyata ta yi shekaru tana tuwo da itace a Ashaiman. Tarinta bai lafa ba sai da ta koma gas. Ki matsar da jikarki nesa da murhu da titi, ke ma ki zauna ta inda iska ke fitowa. Ɗankwali a hanci ba ya tare irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi, sai takunkumi mai lamba N95. In kika ga haƙarƙarinta na lotsawa in tana numfashi, a kai ta asibiti nan take.