Haruffa masu lanƙwasa: in cire su don Google ya gan ni?

Tambaya: Malam, ina da shafin kiwon lafiya. Na sa "ƙurajen fuska" a Keyword Planner, ma'aunin Google da ke nuna yawan neman kalma, babu adadi ko ɗaya. Wani ya ce in goge duk lanƙwasar da ke shafina. Hankalina ya tashi.

Amsa: Kwantar da hankalinki, Malama, kada ki goge komai. Yawancin mutane da allon Turanci suke rubutu a waya, don haka kalma ɗaya takan watsu gida huɗu ko biyar: ƙurajen, kurajen, qurajen, k'urajen. Ma'aunin kuma ba ya nuna adadin da ya yi ƙanƙanta, sai kowace siga ta zama kamar babu mai nemanta.

Buɗe Search Console, wurin da Google ke nuna kalmomin da aka nema shafinki ya fito, ki shiga Performance, ki zaɓi Query, sannan Custom (regex), ki faɗaɗa lokaci zuwa wata 16, ki sa wannan tsarin da zai kamo sigogin a tare:

```
(ƙ|k'|'k|k|q)urajen? fuska
```

Ki tara adadin Impressions, wato sau nawa shafinki ya fito a sakamakon nema, na duk sigogin wuri ɗaya, da jimillar za ki yi aiki. Ki tuna da bambancin da ba na lanƙwasa ba, irin su "yadda" da "yanda". Ki kuma tuna da 'ya'ya da mutanen Nijar ke rubutawa ƴaƴa.

Sai maganar wanda ya ba ki shawara. Wallahi na gaji da masu cewa ƙ ai k ce mai ado, kamar é ta Faransanci. Ba haka ba ne. A tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, é tana rabuwa zuwa e da kuma alamar da ke kanta, amma ƙ, wato U+0199, harafi ce mai zaman kanta. Shi ya sa dabarar NFD da ake goge alamomi da ita ba ta taɓa ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ, wasu manhajojin ma jefar da harafin suke yi gaba ɗaya. Idan kika ga "urajen" a jerinki, abin da ya faru ke nan.

Ɓarnar ma'ana ta fi wannan muni. Kafa daban, ƙafa daban. Baki ba baƙi ba ne. Wanda ya rubuta "ciwon kafa", kalmar "ciwon" ta riga ta nuna ƙafa yake nufi, haɗa su babu laifi. Amma "baki" ita kaɗai, ko "kasa", kada ki kuskura ki tara su da ƙiyasi. Rubuta kowace siga a Google, ki duba sakamakon shafin farko. In shafuka iri ɗaya suka fito, buƙata ɗaya ce, shafi ɗaya ya isa. In sun bambanta, ki raba su. A shafin lafiya, inda mutum zai karanta ya aikata a jikinsa, rikita ma'ana ba abin wasa ba ne.

Kanu da jikin rubutu su zauna da lanƙwasarsu. Sigar da babu lanƙwasa ki sa ta a adireshin shafi:

```
/maganin-kurajen-fuska
```