Mako Huɗu Ba Wata Ba Ne: Amsoshin Wasiƙunku

"Ina aiki a gidan burodi, ana sallamata duk ranar Asabar da ₦35,000. Zan kama haya, mai gida ya ce in faɗi abin da nake samu a wata, na ce ₦140,000. Ƙanena ya ce na yi kuskure. Hankalina ya tashi, kar in zama na yi ƙarya." Wani mai karatu, Kano.

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Ba ƙarya ka yi ba, kanka ka rage wa. Ƙanen naka ne da gaskiya. Mako huɗu kwana 28 ne, kuma in ban da Fabrairu babu watan da ya tsaya a nan; sauran duk 30 ne ko 31. In ka ɗauka kowane wata mako huɗu ne, shekararka ta zama mako 48 ke nan, alhali 52 ce har da ɗoriyar kwana ɗaya. Ka ga ka zubar da mako huɗu cur da ka sha zafin tanda a cikinsu.

Ga yadda ake yi. Ninka ₦35,000 sau 52, ka samu ₦1,820,000 a shekara. Raba wannan gida 12, ya ba ka kusan ₦151,667. Shi ne abin da za ka faɗa wa mai gida. Bambancin ya kusa ₦11,700 a wata, a shekara kuwa ₦140,000.

Amma fa a kula. Wannan ₦151,667 ɗin a takarda yake, babu watan da za ka ƙirga shi a hannu. Wata takwas ₦140,000 za ka karɓa, sauran huɗun masu Asabar biyar ka karɓi ₦175,000. A 2026 su ne Janairu, Mayu, Agusta da Oktoba. Ɗauko kalanda ka sa musu alama. Cefane da kuɗin mota a tsara su a kan na mako huɗun. Sallamar Asabar ta biyar kuwa kar ta kwana a aljihu, a kai ta asusun haya, tunda a nan shekara guda ake biya. Sannan 52 ɗin na wanda ake biya kowane mako ne. In gidan burodinku na rufewa da Sallah ba a ba ku komai, ko ciwo ya kwantar da kai, cire waɗannan makonnin kafin ka ninka. Mako 49 da gaskiya ya fi 52 na fatan baki.

"Wani mai shago zai ba ni waya in riƙa biyan ₦9,000 duk mako har shekara. Ya ce ₦36,000 ne kawai a wata. In karɓa?" Wata matar aure, Zariya.

'Yar'uwa, nan ne raina yake ɓaci. Lissafin nan na "sau huɗu", in ya zo kan abin da ke shigowa, rage maka yake yi. In ya zo kan abin da ke fita, ɓoye maka bashi yake yi. Kuma masu sayar da kaya biya kaɗan-kaɗan sun fi kowa sanin haka. In kika ji ₦36,000, zuciyarki za ta ninka sau 12 ta kai ₦432,000. Ninka ₦9,000 sau 52 ki gani: ₦468,000, wato ₦39,000 a wata. Wannan ₦36,000 da ke tsakani daga kuɗin cefanenki za ta fita, kuma sai watan mai mako biyar ya zo za ki ji a jikinki, musamman in maigida albashin wata yake ɗauka, wanda ba ya ƙaruwa don wata ya zo da Asabar biyar.

Abin da ke ba ni mamaki, mace za ta tsaya ta yi cinikin tumatir har gumi ya keto mata a kan ₦200, amma a ce mata "kaza ne kawai a mako", ta sa hannu ba ta tambayi jimilla ba. Haka direbobin adaidaita sahu masu biyan balas, haka masu zubin adashe uku a mako ɗaya. Ki ce ya rubuta miki yawan makonnin da jimillar kuɗin, da abin da zai faru in kin tsallake mako. Daga nan ki tambayi farashin wayar kuɗi hannu a wani shagon. In ya fara kame-kame, ki ɗauki jakarki.

"Ni duk mako biyu ake biyana. Sai in ninka sau biyu?" Wani mai gadi, Kaduna.

A'a, Malam. Sau 26 ake biyanka a shekara, ba 24 ba. Ninka sau 26, raba gida 12.

"Mu da watan Musulunci muke lissafi, ai wannan bai shafe mu ba." Daga Sakkwato.

Haba Malam! Yaushe ka taɓa ganin an yi azumi 28 an sha ruwa? Kwana 29 ne ko 30, shi ma ya zarce mako huɗu. Shekarar Hijira wajen kwana 354 ce, mako 50 da 'yan kwanaki, don haka kai da 50 za ka ninka, ba 48 ba.