Tarin saƙonni a Gmail: wanne zan fita, wanne zan kai Spam?

"Akwatina ya cika da saƙonnin talla, ina tsoron danna Unsubscribe kar 'yan damfara su gane ina duba adireshin. Ya zan yi? Daga Gombe nake."

Malam, raba su gida biyu. Waɗanda kai da kanka ka ba su adireshinka, irin bankinka ko shagon da ka yi sayayya, ai sun riga sun san yana aiki. Rubuta wannan a wurin bincike:

```
unsubscribe
```

Yawancinsu za su fito. Ka yi amfani da maɓallin Unsubscribe da Gmail ke sakawa a sama kusa da sunan mai aikowa, ba mahaɗin ƙasan saƙo ba, wanda zai iya kai ka shafin bogi. Amma ka sani shi ma maɓallin yana aika musu buƙatarka ne, saboda haka ga wanda ka sani kawai ake danna shi.

Wanda ba ka sani ba kuwa, kada ma ka buɗe. Hotunan cikinsa na iya sanar da su an karanta. Zaɓe su gaba ɗaya daga jeri ka danna Report spam. Idan Gmail ya tambaye ka ko a haɗa da Unsubscribe, ka ƙi. Sannan a Settings ka zaɓi "Ask before displaying external images".