Kafasitocinmu sun kumbura bayan mun sa inbata: wane girma za mu saya yanzu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne mai kula da wuta a wata masana'antar roba a Agege. Taransifomarmu 500 kVA ce, 11 kV zuwa 415 V, kuma a farantinta an rubuta 5%. Lodinmu yakan kai 320 kW, mita tana nuna PF 0.75. Muna da bankin kafasita na 200 kvar da ya yi shekaru lafiya, amma da muka sa inbatocin sarrafa gudun motocin lantarki kusan 140 kVA, sai kafasitocin suka fara kumbura, fis yana ƙonewa. Wane girma ya kamata mu saya, kuma dole ne sai da riyakta? Muna amfani da janareta sosai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A wurinku riyakta, wato naɗin wayar da ake jerawa da kafasita, ta zama dole, kuma lambobin da ka bayar da kansu sun nuna dalili. Kafasitocin da suka kumbura mai yiwuwa ba su da wani aibi daga wurin ƙera su, abin da ya canza shi ne irin wutar da ke ratsa su.

Inbatar da ke da gadar diyod shida, wadda ita ce aka fi sayarwa, ba ta jan karan a sumul. Tana ja ne a guntu-guntu, kuma wannan yana haifar da hamonik na 5, na 7, na 11 da na 13, wato karan mai firikwensin da ya ninka na wutar layi sau 5, 7, 11 da 13. Tunda wutarmu a Najeriya 50 Hz ce, waɗannan su ne 250, 350, 550 da 650 Hz. Ita taransifoma naɗin waya ce, idan kuma aka haɗa naɗin waya da kafasita a layi ɗaya, akwai wani mataki na firikwensi da suke amsa wa juna, har ƙaramin karan ya riƙa kai da komo tsakaninsu yana ninkuwa, kamar lilo da ake turawa daidai lokacin da ya dawo. Ana gano wannan matakin da lissafi mai sauƙi, ana amfani da ƙarfin taransifoma, da 5% ɗin da ke farantinta, da girman bankin, Qc:

```
Ssc = 500 / 0.05 = 10000 kVA
h = √(Ssc / Qc) = √(10000 / 200) = 7.07
```

Wato tsohon bankinku, idan duk matakansa sun shiga, yana amsawa a kusan 354 Hz, alhali inbatocinku suna zuba karan a 350 Hz. Kafin a kawo inbatocin babu abin da ke tura lilon, shi ya sa aka yi shekaru ba a ga komai ba. Kada kuma a ce rage girman bankin zai wadatar. A 75 kvar lissafin yana ba da 11.5, kusa da hamonik na 11, kuma banki mai matakai yana ratsa waɗannan lambobin sau da yawa a yini. Ban da haka, lissafin bai sa raunin layin 11 kV da ke bayan taransifoma ba, wanda ke ƙara saukar da lambar. Masu ƙera kafasita da yawa suna ba da shawarar a sa riyakta idan kayan da ke haifar da hamonik sun wuce kashi 25 cikin ɗari na ƙarfin taransifoma, naku kuwa kashi 28 ne.

Sai batun girma, kuma a nan ne nake so ka dakata kafin ka karɓi farashi daga kowa. Lambar PF, wato fawa fakta, da mita ke nunawa takan haɗa abubuwa biyu: jinkirin karan a bayan bolteji a 50 Hz, da kuma gurɓacewar da hamonik ke jawowa. Na farkon kawai kafasita take gyarawa. Saboda haka a ɗaura na'urar awon ingancin wuta a babban allon rarraba wuta na tsawon mako guda na cikakken aiki, tsohon banki a kashe, a karanta abin da ta rubuta a ƙarƙashin cos φ ko DPF, tare da THD, wato jimillar gurɓacewar hamonik, na karan da na bolteji, da girman kowane hamonik. Idan aka yi lissafi da 0.75 kai tsaye za a samu 177 kvar. Amma mu ɗauka awon ya nuna cos φ 0.78 ne, abin da ba zai ba ni mamaki ba a lodi irin naku, kuma ana son a kai 0.95:

```
Qc = P × (tan φ1 − tan φ2)
Qc = 320 × (0.802 − 0.329) = 151 kvar
```

Ke nan 150 kvar ne, ba 200 ba. Zan raba shi mataki huɗu, 25, 25, 50 da 50, domin da dare ko ranar Lahadi, lokacin da injina kaɗan ke aiki, na'urar sarrafawa ta sami ƙaramin matakin da za ta sa ba tare da ta wuce gona da iri ba. Idan kafasita ta yi wa lodi yawa, bolteji yakan hau, wannan ma wata matsalar ce. Ban ga amfanin neman 1.0 ba, domin daga 0.95 zuwa 1.0 sai an ƙara fiye da 100 kvar, abin da za a rage a taransifoma kuma bai kai 20 kVA ba. Ka kuma sanar da mai masana'anta tun yanzu cewa mita tana iya tsayawa a wajen 0.90 bayan an gama, saboda rabon hamonik yana nan. Duk da haka nauyin taransifoma zai sauka daga kusan 427 kVA zuwa wajen 357 kVA, wannan kuma sauƙi ne na gaske ga ita da kebul ɗinta.

Aikin riyakta shi ne a jera ta da kowane matakin kafasita domin a saukar da wurin amsawar ƙasa da hamonik mafi ƙanƙanta da ke layin. Sama da wannan wurin, matakin gaba ɗaya yana zama kamar naɗin waya a idon hamonik, don haka ba zai iya amsa wa taransifoma ba, a 50 Hz kuwa yana nan a matsayin kafasita yana aikinsa. Ana faɗin girmanta da kashi cikin ɗari. Ta kashi 7 tana ajiye wurin a 189 Hz, ƙasa da 250 Hz da tazara mai kyau, kuma ita ce ta dace da masana'antar da inbatoci masu layi uku suka fi yawa. Ta kashi 14 tana ajiye shi a 134 Hz, ƙasa da hamonik na 3 da ke 150 Hz, ana zaɓarta ne idan awo ya nuna na 3 yana da ƙarfi, kamar a ginin da kwamfutoci da fitilun zamani masu layi ɗaya suka cika. Akwai ta kashi 5.67 mai 210 Hz, wadda ke shanye hamonik na 5 fiye da sauran, amma hakan yana nufin za ta ɗauki zafi mai yawa, har da dattin da ke shigowa daga maƙwabta ta layin 11 kV. A unguwar masana'antu ba zan ba da shawararta ba sai da cikakken nazari.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne sayen riyakta a ɗora a kan kafasitar 415 V ko 440 V da ake da ita. Riyakta tana ɗaga boltejin da ke kan kafasita. Da ta kashi 7, 415 ÷ 0.93 yana ba da 446 V, tun kafin layi ya hau da dare. Idan ya hau da kashi 10 cikin ɗari, an kai 491 V. Ƙa'idar IEC 60831 ta yarda kafasita ta jure ƙarin kashi 10 na bolteji na awa 8 kacal a cikin 24, ba dare da rana ba. Don haka 480 V shi ne mafi ƙaranci, ni kuwa a Legas, inda bolteji ke hawa da sauka kuma ɗakin wuta ke da zafi, 525 V nake zaɓa. Sai dai kafasitar da aka rubuta wa 525 V ba ta ba da cikakken ƙarfinta a 415 V:

```
Qeff = Qn × (415 / 525)² / (1 − 0.07) = 0.672 × Qn
```

Mai lamba 50 kvar za ta ba ka kusan 34 ne kawai. Domin samun 50 kvar na zahiri ana bukatar kusan 74 kvar a farantin kafasita, da riyakta ta kusan 0.83 mH a kowane layi, matakin kuma zai ja wajen 70 A. Idan ɗan kasuwa ya ce maka banki 150 kvar ne, ka tambaye shi a wane bolteji, ka kuma nemi ya rubuta a takardar ciniki cewa 150 kvar ne a 415 V da riyakta a haɗe. Dole kowane mataki ya sami riyaktarsa da aka auna domin kafasitarsa. Barin mataki ɗaya babu riyakta, ko barin wata tsohuwar kafasita a jikin wata mota, yana dawo da matsalar da aka kashe kuɗi don a kore ta.

Game da janareta, shawarata ita ce bankin ya fita da zarar an juya wuta zuwa kansa, ta hanyar ƙaramin makunnin taimako da ke jikin canjoba. Yawancin janaretoci an ƙera su ne a kan fawa fakta 0.8, kuma injin dizal kilowat yake ji, saboda haka kafasita ba za ta rage muku mai da wani abin kirki ba. Idan lodi ya faɗi kwatsam kafasita tana ciki, na'urar daidaita bolteji takan rasa iko, bolteji ya yi sama, janareta ya yanke ko kayan lantarki su lalace. Idan karan ɗin janaretan ne ke cika kafin injin ya gaji, ana iya barin mataki ɗaya ko biyu da wani saiti na dabam, bayan an duba takardar mai ƙera shi.

Riyakta tana fitar da zafi sosai, don haka a sa ta a sama ko a wani ɓangaren akwati, kafasita a ƙasa inda iska ke shigowa, da fanka da matatar ƙura da ake wankewa. Bayan an kunna, a auna karan ɗin kowane layi na kowane mataki da mitar da ke karanta True RMS, a rubuta a jikin ƙofa, a riƙa maimaitawa duk wata uku. Dalilin wannan awon yana da muhimmanci: kafasita tana rage ƙarfi yayin da take tsufa, kuma duk raguwar da ta yi, wurin amsawar yana hawa. Idan mataki ya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, 189 Hz ya koma kusan 231 Hz, dab da hamonik na 5, sai riyakta ta fara ƙara da zafi fiye da da. Matakin da karan ɗinsa na 50 Hz ya ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari, ko layukansa uku suka daina daidaita, a cire shi a canza kafasitarsa da irinta daidai. Kafin kowa ya sa hannu a cikin akwatin, a kashe, a jira aƙalla minti biyar, sannan a auna a tabbatar babu sauran caji a kan tashoshin kafasitar.