Murya tana baya hoto ya wuce

"Salam ƴan uwa. Na haɗa bidiyo na minti 3 na rubuta bayanin da za a ɗora, amma in na karanta sai hoton ya wuce ni ban gama magana ba. Wai kalma nawa ake sa wa kowane shot ne?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa, wallahi ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Irin wannan ce ta cinye min cikon kuɗin aiki, shi ma minti 3 ne, a kan marinar Ƙofar Mata a Kano. Na zauna na zuba rubutu kalma kusan 600 ina jin daɗi wai na iya Hausa, sai a situdiyo mai karantawa ya kai minti 4 da rabi. Maimakon in rage sai na ƙara wa muryar gudu a CapCut, ta dawo kamar mai tallan maganin basir a tasha, kuma duk da haka ba ta shige ba, na bar wutsiyar ta hau kan shot na gaba. Ranar nunawa hoto ya kai mabuga ana ta dukan shadda, murya kuwa tana can baya tana lissafin toka. Mutumin da ya ba ni aikin, wanda shi ne fa ya dinga turo min saƙo tsakar dare wai ƙara wannan ƙara wancan, ya juyo gaban mutane ya ce ashe ban san aiki ba. Har yau ban ga cikon ba, na kira na gaji na bar shi da Allah. Ko sannu bai ce min ba, ni da na kwana uku ban runtsa ba.

To abin da nake yi tun daga nan, kar ka ɗauki lissafin kowa, auna bakinka. Ka ɗauko kalma 100 daga rubutunka ka karanta da ƙarfi yadda za ka yi a rikodin, agogon waya na tafiya. Ni sakan 45 nake ci, wato kalma 2 da ɗan ɗoriya a sakan, sai na yar da ɗoriyar na riƙe 2. Wannan kalma 150 a minti da ake yawan faɗa na Turanci ne. In wani ne zai karanta maka, shi za ka auna ba kai ba.

Sai ka buɗe editin ka rubuta tsawon kowane shot a takarda, ka cire sakan 1 daga ciki, rabi a farko don ido ya gane abin da aka nuna masa, rabi a ƙarshe na numfashi, abin da ya rage ka ninka shi da yawan kalmar da kake yi a sakan, ni tawa biyu ce. Shot ɗin hannu yana tsoma yadi a karofi sakan 6 ne, saura 5, kalma 10 ke nan. Da farko na rubuta masa kalma ashirin da wani abu, har da cewa ga marini yana tsoma yadi, abin da mai kallo yake gani da idonsa. Da na gyara don kaina ya koma "Da baba da toka ake haɗa ruwan rinin nan", kalma 9, ya zauna daram.

Lamba kuma ita ce macuciya. Na rubuta 1498, shekarar da ake cewa an kafa marinar, na ƙirga ta kalma ɗaya. A baki kuwa alif ɗari huɗu da casa'in da takwas ce, kalma 7, ta cinye shot mai sakan 4 ita kaɗai har da ƙari. Yanzu duk lamba da harafi nake rubuta ta kafin in ƙirga, in ta yi tsawo in sa ta a jikin hoto kawai.

Af, kuma ba dole ba ne kowane shot ya samu magana. Akwai inda aka ciro yadin yana kore-kore iska na bugunsa yana komawa shuɗi, sakan 3 kacal, nan shiru na yi na bar ƙarar ruwa na ɗiga. Ƙananan shot masu sakan 2 ko 3 in sun jeru ka haɗe su ka ba su jimla ɗaya, ka dai tabbata sunan abu ya faɗo daidai lokacin da ya bayyana.

Kafin ka biya situdiyo ka yi rikodin na gwaji da waya ka ɗora ka kalla, in ka ji kana haɗiye ƙarshen kalma to ka cika kaya, rage. Sannan ka sa mai aikin ya amince da rubutun a rubuce kafin a ɗauki murya, ka karɓi fiye da rabin kuɗinka tukuna. Turo min tsawon shot ɗinka guda biyar na farko da abin da ka rubuta musu mu ƙirga tare.