Romon ƙashi da ƙugiyar da ta faɗi

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da abinci kusa da kasuwar Wudil, na ba da aikin allon jerin abinci da farashi a Kano. Mai bugawa ya turo mini hoto a waya, wai in duba kafin ya buga. Me zan duba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ce masa ya buga daga hoton waya. Ki sa ya fitar miki da samfuri a takarda, daga kwamfutar da zai yi aikin da ita.

Ni abin ya taɓa cina. Na ba da allo, a waya komai daidai, ranar da aka kawo sai ga "romon kashi" ɓaro-ɓaro da jan rubutu. Ranar Juma'a ce kuwa, kasuwa ta cika, 'yan kara suna shigowa suna ƙunshe dariya. Yaron mai bugawa ya rubuta ƙ ɗinsa daidai, amma da aka kai aikin wata kwamfutar, salon rubutun da ya zaɓa babu haruffa masu ƙugiya a ciki. Wani wurin akwati ya fito, wanda ya buga kuma ya share ya sa k kawai. Don haka ki bi ƙosai, ɗanwake, gyaɗa, zoɓo da yatsa, harafi harafi. In kin ga ƙ ko ɗ ta fi sauran sirantaka ko ta ɗan karkace, aro kwamfutar ta yi daga wani salon, ki ce a canza salon gaba ɗaya. Alamar ₦ ma haka take yi.

Farashi kuma ba a duba shi mutum ɗaya, domin ido abin da ya sani yake karantawa. Ki riƙe littafinki kina faɗa da ƙarfi, wani ya bi samfurin, ku fara daga ƙasa ku yi sama. Ba faɗuwar sifili kaɗai ce kuskure ba, akwai kuma zamewar layi: an cire abinci ɗaya a tsakiya, an manta da kuɗinsa, sai kowane farashi na ƙasa ya koma kan wani abincin, farfesun kayan ciki ya ɗauki kuɗin kunun aya. Ki sa ƙarfen awo ko gefen takarda a ƙarƙashin kowane layi.

Waƙafi da ɗigo, ki zaɓi tsari ɗaya ki tsaya a kai. In ₦1,500 ne, to ko'ina haka, ba 1.500 a nan, N1500 a can ba.

Ni yanzu ma ba na buga kuɗi a allo. Gurbi fari nake sa a bari, in rubuta da alƙalamin maka, don shinkafa ba ta jiran allo ya tsufa kafin ta tashi.